Layin da Aka Goge a Wasiƙar Riɗi

Mijin yayata ba da sito ya fara ba. Da buhu biyu na riɗi ya fara, a ƙarƙashin wata rumfar kwano da ke yoyo, yana tankaɗe da rariya da hannunsa har sai ƙura ta mai da gashin idonsa fari. A lokacin nake zuwa in taya shi ɗinke bakin buhu, don ba ni da wata sana'a, karatuna kuma bai yi nisa ba. Tun daga nan ya laƙa mini suna Mai Basilla, bai taɓa kirana da wani suna ba, ko ranar da muka binne yayata.

Shi kuwa duk layin 'yan hatsi Magana Ɗaya suke ce masa. Idan ya ce ya sallama, ya sallama. Na ga ranar da ya sayar da kaya da hantsi, kafin azahar farashi ya ɗaga, mai saye bai ko kawo kuɗi ba, dillalai suka taru suna ba shi shawara ya ce an riga an sayar wa wani. Ya dube su ya ci gaba da shan ruwansa. Da yamma mutumin ya zo ya kwashi kaya a farashin safe. An yi masa dariya a ranar, amma irin wannan ce ta sa manoma suke bar masa amfaninsu su tafi gida ba tare da ko guntuwar takarda ba. A haka ya tara, ya sayi fili, ya gina sito mai ƙofar ƙarfe, ya sa injin da ke fitar da tsakuwa da ƙaiƙayi daga riɗi, ya kafa babban sikeli a bakin ƙofa. Ni nake kan sikelin, ni nake ɗinki.

Ba mutum ne mai fara'a ba. Yakan wuni bai yi magana mai tsawo ba, sai dai idan zai tsokane ni.

"Mai Basilla, wannan ɗinkin naka ko kaza ta tona sai ya warware."

"To kawo kazar mu gani, Maigida. Shekara nawa kana cewa haka, buhu nawa ya fashe?"

"Ai albarkar yayarka kake ci."

Daga baya ya sami wani mai saye a ƙetaren teku, wani dattijo da ya zo da kansa sau biyu, ya zauna a kan buhu, ya tauna riɗi, ya tofar, ya gyaɗa kai. Muna ce masa Tsoho. Shekaru da yawa suna ciniki, kusan duk a waya, da taimakon wani magatakarda da ake ɗauka haya idan za a cika takardu. Da Tsoho ya rasu sai ɗansa ya gaji kamfanin. Shi ba mu taɓa ganinsa ba, Ɗan Tsoho kawai muke cewa.

A lokacin Auta ta gama karatun kasuwanci ta dawo. Ita ce ƙaramar 'yar Maigida, ita kaɗai ta yarda ta zauna a sito, sauran duk sun kama gabansu. Aka yanke mata wani lungu da katako kusa da sikeli, aka sa tebur da kwamfuta da fanka da ba ta iya komai da ƙurar wurin. Kullum da tsumma a hannunta tana goge gilashin kwamfutar.

Wata safiya, kaka ta fara shigowa, saƙon Ɗan Tsoho ya iso: yana son kwantena biyar ta farin riɗi, a aiko masa da furofoma. Ba a taɓa nemanmu da kaya mai yawa haka ba. Kwantena ɗaya tana cin wajen tan goma sha tara, mu kuwa abin da ke jibge a sito bai wuce cikin ɗaya ba.

Ni ban san mene ne furofoma ba sai da Auta ta yi mini bayani, tana bugawa tana magana.

"Kawu, ba takardar neman biyan kuɗin kaya ba ce, don ba a aika kaya ba tukuna. Tayi ne a rubuce. Ga kaya, ga yawansu, ga farashi, ga yadda za a biya. Ita zai kai bankinsa su ba shi izinin fitar da kuɗin waje. Idan ya amince sai ya turo kafin alƙalami, da shi za mu shiga kasuwa mu sayi sauran kwantena huɗun."

"To wannan ƙaramar da kike bugawa daban fa?"

"Wasiƙar rakiya ce. Ita ke tafiya a gaba, ta faɗa masa a taƙaice abin da ke ciki, don kada gobe a ce ba a gane ba."

Da ta gama ta kira mahaifinta. Ya zo ya zauna a kan buhun da ke bakin lungun, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Da Turanci ta rubuta, don haka tana karantawa tana juya masa.

"Na ce: ga furofoma a haɗe, ta kwantena biyar ta farin riɗi, tsabtatacce kashi casa'in da tara cikin ɗari, a sababbin buhuna masu kilo hamsin. Farashin ya ƙunshi kayan, da buhu, da feshin maganin ƙwari da takardar shaidar lafiyar kaya, da mota zuwa tashar jiragen ruwa, da duk abin da za a biya a tasharmu har a ɗora kaya a cikin jirgi. Bai ƙunshi kuɗin jirgin ba, bai ƙunshi inshora ba, bai ƙunshi harajin ƙasarsu ba, waɗannan nasa ne."

"Daidai ne. Haka muke yi da ubansa."

"Zai biya kashi talatin cikin ɗari kafin alƙalami, sauran idan mun nuna masa kwafin takardar lodin jirgi. Za mu yi lodi cikin wata ɗaya daga ranar da kuɗin ya shigo."

"Daidai."

"Sai na ƙarshe. Wannan farashi yana aiki na mako biyu daga ranar da ke kan takarda. Idan kafin alƙalami bai iso ba a cikin wannan wa'adi, tayin ya faɗi, sai an sake sabo."

Maigida ya ɗauki hular, ya dube ta, ya mayar kan gwiwa.

"Maimaita."

Ta maimaita.

"Wato in ce wa ɗan mutumin nan maganata tana ruɓewa bayan mako biyu, kamar tumatir."

"Baba, ba maganarka ba ce ke ruɓewa, farashi ne ba ya tsayawa. Kowa haka yake rubutawa. Shi kansa zai yi mamaki idan bai gani ba."

"Ubansa ya taɓa turo mini kuɗin kwantena guda cif ba tare da ya ga ƙwaya ɗaya ba. Bai ce mini mako biyu ba. Yau uban ya kwanta dama, takardar farko da zan aika wa yaron sai in sa masa igiya a wuya? Zai ce don na ga babu babba."

"To a sa wata ɗaya."

"Goge shi."

Ta juyo wajena. "Kawu, don Allah ka yi masa magana."

Na ce, "Maigida, yarinyar nan don wannan aka kai ta makaranta."

"Kai kuma don ɗinki aka kawo ka. Mai Basilla zai koya mini ciniki."

Ya faɗe shi da wasa, amma bai yi dariya ba. Auta ta goge layin daga wasiƙar, ta goge ɗan'uwansa da ke ƙasan furofomar, idonta ya yi ja. Ya sa hannu, ta buga hatimi, ta tura. Washegari amsa ta zo gajeriya: an gode, an karɓa, an miƙa wa banki.

Daga nan shiru.

Mako biyu suka wuce ba mu damu ba. A na uku aka fara jin cewa damina ta ɓata riɗi a wasu ƙasashen da ke noma shi, masu saye sun juyo wajenmu. Baƙin motoci suka cika layi. Manyan kamfanoni suka baza wakilai har ƙauyuka suna tare kaya tun daga gona. Duk safiya idan na buɗe ƙofa, maƙwabcinmu dillali, wani mai wushirya da ba ya rufe baki, sai ya leƙo ya faɗi farashin ranar kamar mai shelar rasuwa.

"Ya ƙara hawa, Mai Basilla! Gaya wa Magana Ɗaya, riɗi ya zama zinariya, shi yana zaune a kan buhu yana jiran wasiƙar masoyi."

Auta ta sami uban a bakin sikeli.

"Baba, har yanzu bai biya ba, bai kuma sa hannu a komai ba. Muna da damar mu aika masa yau mu ce mun janye waccan furofomar, ga sabuwa da farashin yanzu. Babu wanda zai ce mun yi laifi. Layi biyu ne."

"Ya ce ya miƙa wa banki."

"Shi ya sa za mu gaya masa tun kuɗin bai fito ba."

"Mutum yana kan hanya da kuɗinsa in rufe ƙofa?"

"To bari in tambaye shi kawai yaushe za mu sa rai."

"Ba a tambayar mutum haka. Kamar muna jin yunwa."

Ya yi ƙoƙarin kare kansa ta hanyar da ya sani. Ya kwashi abin da ke hannunsa ya sayi riɗi, ya kusa cika kwantena ta biyu, a nan ƙarfinsa ya ƙare. Ya je wa manoman da suka saba bar masa kaya. Suka tarbe shi da mutunci, suka shimfiɗa masa tabarma, suka ce wakilan kamfani sun riga sun biya su tun riɗin yana tsaye. Ya dawo da ƙura har gwiwa.

Wata biyu da 'yan kwanaki bayan an tura takardar, Auta ta fito daga lungunta da waya a hannu, ta tsaya a tsakiyar sito.

"Banki ne. Kuɗin ya shigo."

A lokacin farashin riɗi a kasuwarmu ya ɗara wanda muka rubuta wa Ɗan Tsoho, tun kafin a sa kuɗin buhu da mota da tasha. Kuɗin mota ma ya tashi, don kowa yana neman mota. Duk buhun da za mu saya mu aika, asara za mu aika.

Auta ta ce akwai sauran hanya. A mayar masa da kuɗinsa, a ce tayin da ya daɗe haka a kasuwa mai motsi ba ya ɗaure kowa, ko da ba a rubuta wa'adi ba. Ta ce ta tambayi wani lauya da suka yi makaranta tare, ya ce magana ce da za a iya tsayawa a kanta, sai dai da layin nan yana nan da babu ma abin jayayya. Maigida ya ce a kira yaron a waya tukuna.

Ta sa wayar a kan tebur yadda kowa zai ji, tana fassarawa. Muryar saurayi ce, mai ladabi. Ya ba da haƙuri, ya ce bankinsu ne ya riƙe takardun a layin masu neman kuɗin waje. Auta ta gaya masa halin da kasuwa take ciki, ta tambaya ko za a duba farashin. Ya ce ya riga ya sayar da kayan gaba ɗaya ga wata masana'antar mai, ya sa hannu, a kan lissafin takardarmu. Sannan ya faɗi wata magana da Auta ta tsaya ba ta juya ba.

"Me ya ce?" in ji Maigida.

"Ya ce da ya ga babu wa'adi sai ya ɗauka kayan duka suna sito a ajiye, shi ya sa bai matsa wa bankin ba. Ya ce masu wa'adi su ake fara turawa gaba. Da ya ga mako biyu, da ya je da kansa ya zauna musu, ko ya nemi sabuwar takarda kafin ya sayar."

Fankar tana ta juyawa. Maigida yana kallon ƙasa.

Can yaron ya ƙara da cewa, tunda an daɗe ana tare, ko farashin ya haɗa da kuɗin jirgi? Wani ma'aikacinsa ya ce masa kamar haka ne. Auta ba ta jira uban ba. Ta karanta masa layin wasiƙar da ya ce bai ƙunshi kuɗin jirgi da inshora ba. Ya ce haka ne, ya gani, a yi haƙuri. Wannan maganar ta mutu a nan take, ba ta ɗauki numfashi biyu ba.

"Gaya masa," in ji Maigida, "kayansa za su hau jirgi cikin wata ɗaya."

"Baba!"

"Gaya masa."

Ta gaya masa, ta kashe wayar, ta kifa kai a kan tebur.

"Idan na mayar da kuɗin," ya ce, ba ita yake kallo ba, "shi za a kama a can. Bai yi mini ƙarya ba. Ni na ce a goge."

Ban taɓa jin ya zo kusa da cewa ya yi kuskure kamar wannan ba, bai kuma ƙara ba.

Kafin alƙalamin bai kai ko'ina ba. Maigida ya sayar da ƙaramar motar da muke ɗauko kaya daga ƙauye. Ya sayar da wani fili da ya ce na auren Auta ne, ita ta kawo masa takardun da hannunta. Duk da haka kwantena ta biyar ba ta cika ba, sauran kuɗin kuwa ba za su zo ba sai kaya sun hau jirgi. A nan mai wushirya ya shigo, wannan karon ba da tsokana ba. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce wani kamfani yana neman sito a layin, da inji da sikeli, za su biya nan take, za su kuma bar mu a ciki har mu gama lodi.

"Magana Ɗaya, wallahi ba da daɗin rai na kawo ba."

"Na sani. Nawa suka taya?"

Bai yi ciniki mai tsawo ba. Ya ce ya sallama.

Makonnin nan na ƙarshe injin bai huta ba. Ana zubawa, ana tankaɗewa, ina aunawa, ina ɗinkewa. Yatsuna suka tsage har na naɗe su da tsumma. Maigida yakan tsaya a bakin injin ya ɗebi riɗi a tafin hannu ya baza, idan ya ga ƙwayar tsakuwa ɗaya sai ya ce a sake. Wani lebura ya ce masa, tunda asara ake yi, a bar ɗan ƙasa-ƙasa a ciki mana, nauyi ne. Ya sallame shi a ranar. Masu feshi suka zo suka yi aikinsu suka ba da takarda. Motoci suka ɗauki kwantenonin ɗaya bayan ɗaya. Da na ɗinke buhun ƙarshe Maigida ya zo ya ja bakin da yatsa.

"Ko kaza ta tona," ya fara, sai ya bari.

Kaya suka hau jirgi a cikin lokaci. Auta ta tura kwafin takardar lodi, sauran kuɗin suka zo ba a yi jinkiri ba, suka bi ta hannunsa zuwa wajen waɗanda suka ba shi riɗi da mota a kan amana. Abin da ya rage bai isa sayen ko rumfa a layin ba. Muka miƙa makullai. Sababbin masu wurin suka yi wa ƙofar shuɗin fenti, suka kawo injin ɗinki mai lantarki, ba su bukaci basilla ba.

Auta ta sami aiki a wani kamfanin fitar da kaya. Ta ce mini a rana takan rubuta irin wannan wasiƙa uku ko huɗu, kowacce da wa'adinta, wani lokaci ma kwana uku kacal idan kasuwa na rawa, babu mai sayen da ya taɓa jin haushi.

Maigida ya koma gida. Yakan zauna a kan benci a ƙofar gida, ni nakan je in zauna kusa da shi. Mutanen layi idan sun wuce sukan tsaya su gaishe shi da girmamawa fiye da da, suna ba yara labarinsa, amma babu wanda ya sake kawo masa kaya, don ba shi da inda zai zuba. Bai yi rashin lafiya ba. Ya dai rage cin abinci, rigunansa suka yi masa yawa.

Da kaka ta zagayo, Auta ta dawo daga aiki da yamma ta durƙusa a gabansa da waya.

"Baba, Ɗan Tsoho ne. Ya ce bai taɓa karɓar riɗi mai tsabta irin namu ba. Yana son kwantena takwas bana. A aiko masa da furofoma."

Ɗan Tsoho bai san an sayar da siton ba. Maigida ya hana a gaya masa.

"Zan iya magana da kamfaninmu," in ji ta. "Su yi kayan, a ba ka la'ada. Zan rubuta komai yadda ya kamata."

"Kayan da ban gani ba, ban taɓa ba, in sa sunana?"

"To me zan ce masa?"

Ya daɗe yana kallon titi. Wata mota ta wuce da buhuna, ya bi ta da ido har ta sha kwana.

"Ki gaishe shi. Ki ce Allah ya ji ƙan ubansa. Ki ce babu kaya."

Ta rubuta a nan durƙushe, ta karanta masa, ya gyaɗa kai, ta tura. Ta shiga gida. Muka ci gaba da zama, ni da shi, har inuwar katanga ta rufe bencin.